Kibod mai zurfin dannawa da ake iya saitawa: tambayoyi da amsoshi kan saitin rubutu da na wasa

Mene ne ainihin abin da ake saitawa a irin wannan kibod ɗin?

Idan ka danna maɓalli, yana sauka ne kusan milimita 4 kafin ya dire a ƙasa. Amma kwamfuta ba ta jiran ya dire. A wani wuri cikin wannan tafiyar ne kibod ke cewa an danna, sai harafi ya fito. Wannan wurin shi ne abin da manhajar kibod ke nunawa da sunan Actuation Point. Ya yi kama da kulocin mota: akwai inda yake kamawa, kuma kowane direba ya san bambancin motar da kulocinta ke kamawa tun daga sama da wadda sai ƙafa ta yi nisa.

A kibod na gargajiya, masana'anta ce ke yanke wannan wurin, ba ka da ta cewa. Suwic shi ne abin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli yana karɓar dannawa. Suwic ɗin Cherry MX Red, alal misali, yana kamawa a milimita 2.0 cikin tafiyar milimita 4.0. Wanda suka yi domin masu son sauri, MX Speed Silver, yana kamawa a 1.2. Idan wanda ka saya bai yi maka ba, sai dai ka canza suwic ko ka canza kibod. A sabon nau'in kuwa, lamba ce kawai kake canzawa a manhaja, kuma kana iya bai wa kowane maɓalli tasa lambar. Wooting 60HE da Razer Huntsman V3 Pro suna ba da dama daga 0.1 zuwa 4.0. SteelSeries Apex Pro na farko, lokacin da ya fito a 2019, ya bayar ne daga 0.4 zuwa 3.6.

Ta yaya kibod yake sanin nisan da maɓalli ya sauka?

Mafi yawansu da maganaɗisu suke aiki. A cikin sandar suwic akwai ɗan ƙaramin maganaɗisu, a kan allon lantarkin da ke ƙasa kuma akwai sensa mai auna ƙarfinsa. Duk sa'ad da maɓalli ya ƙara sauka, maganaɗisun yana ƙara kusantar sensa, lambar da take karantawa tana canzawa, sai kibod ya juya wannan lambar zuwa milimita. Tushen dabarar binciken Edwin Hall ne na shekarar 1879, wanda ake kira Hall Effect, shi ya sa ake ganin HE a ƙarshen sunayen waɗannan kibod. Razer su haske suke amfani da shi a Huntsman V3 Pro, amma sakamakon ɗaya ne: kibod ya san inda maɓalli yake a kowane lokaci, ba kawai an danna ko ba a danna ba.

Akwai wani abu a nan da zai yi maka amfani gaba. Ƙarfin maganaɗisu ba ya ƙaruwa daidai wa daida da nisa. Idan yana can sama nesa da sensa, motsin milimita 0.1 ɗan canji kaɗan yake kawowa ga abin da sensa ke gani. Idan ya zo kusa, motsi iri ɗaya yana kawo canji babba. Don haka awon da ake yi a can saman tafiyar shi ne mafi rauni, kuma a can ne masu sa 0.1 suke ɗora duk aikinsu.

Tunda 0.1 ya fi sauri, me zai hana in sa duk maɓallan a haka in huta?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma a nan ne sababbin masu saye suka fi ɓata wa kansu kibod mai tsada. Milimita 0.1 kusan kaurin takardar rubutu ɗaya ce. Yatsan da ke kwance a kan maɓalli yana hutawa zai iya sauke shi fiye da haka ba tare da mai yatsan ya ji komai ba.

Ka duba lissafin ƙarfi. Suwic ɗin Lekker L60 na Wooting yana fara motsi ne da nauyin kusan giram 40, ya ƙare da kusan giram 60 a ƙasa. Idan ka sa kamawa a tsakiyar tafiya, sai yatsa ya kawo kusan giram 50, kuma ya yi tafiyar milimita 2, kafin harafi ya fito. Idan ka sa a 0.1, da zarar yatsa ya wuce giram 40 ɗin nan an gama. Ƙarfin bai ragu sosai ba, abin da ya ɓace shi ne tazarar. Wannan tazarar ce ke cece ka a duk lokacin da yatsa ya gogi gefen maɓallin maƙwabci yana wucewa: maƙwabcin ya ɗan sauka rabin milimita ya koma, babu abin da ya fito a allo. Da ka cire tazarar, kowace gogayya ta zama harafi.

Ribar kuma ba ta kai yadda talla ke nunawa ba. A ɗauka yatsanka na sauke maɓalli daga sama har ƙasa cikin milisakan 20, wato milisakan 5 a kowace milimita. Daga 2.0 zuwa 1.0 ka samu milisakan 5. Daga 0.5 zuwa 0.1 kuwa milisakan 2 kacal ka samu. Allo mai sabunta hoto sau 60 a sakan yana ɗaukar kusan milisakan 16.7 kafin ya nuna hoto na gaba. Ni a ganina milisakan 2 ɗin nan ba su kai a saye su da tafiyar da ba ka yi niyya ba a tsakiyar faɗa.

Wane zurfi ya fi dacewa da rubutu?

Ka fara daga 2.0. Hannun wanda ya saba da kibod na gargajiya a nan ya koyi aiki, kuma rabin tafiya ne, ga tazara a sama ga tazara a ƙasa. Mai taushin hannu da ba ya dukan maɓalli har ƙasa zai iya samun daɗi tsakanin 1.5 da 1.8. Mai nauyin hannu, wanda ake jin ƙarar rubutunsa daga ɗaki na gaba, zai iya zuwa 2.2 ko 2.5 ya ga kurakuransa sun ragu ba tare da saurinsa ya ragu ba, domin shi ko yaya har ƙasa yake kaiwa.

Dalilin da ya sa rage zurfi ba ya ƙara saurin rubutu shi ne, lokacin marubuci ba a saukar maɓalli yake tafiya ba. Yana tafiya ne a sauya yatsu daga wuri zuwa wuri da kuma gyaran kuskure. Kuskure ɗaya yana cin tsayawa, da danna Backspace, da sake rubuta harafin. Duk milisakan ɗin da ka tara a jimloli da yawa, kuskure guda zai kwashe su.

Ta yaya zan gane saitina ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa da yawa?

Kurakuranka za su faɗa maka, in dai ka tsaya ka karanta su maimakon ka goge da sauri. Ka rubuta sakin layi guda da ka saba da irin kalmominsa, kada ka gyara komai, sannan ka duba abin da ya fito.

Idan kana ganin baƙon harafi a gefen na gaskiya, kamar ka so rubuta "gida" ya fito "gfida", ko "kasuwa" ya fito "kasuwqa", maɓallin maƙwabci ne ya kama. Saitin ya yi sama da yawa, ka ƙara zurfi da 0.2 ko 0.3. Idan harafi ne ke ɓacewa, "makaranta" ya zama "makarnta", to saitin ya yi zurfi ga wannan yatsan. Ka lura da wane harafi ne ke yawan ɓacewa. Ga mai rubutun Hausa sau da yawa "a" ne, domin shi ne harafin da muka fi dannawa, kuma ƙaramin yatsan hagu, mafi rauni a cikin yatsu, shi ke ɗauke da shi. Maganin ba wai ka rage zurfin kibod gaba ɗaya ba ne. Ka rage na A shi kaɗai zuwa 1.6 ko 1.7, ka bar sauran a inda suke. Wannan gyaran na maɓalli guda shi ne, a wurina, babban amfanin irin wannan kibod ga marubuci.

Nau'i na uku shi ne harafi ya ninku, "littattafai" ya fito da "t" uku a jere. Wannan ba laifin zurfi ba ne, laifin Rapid Trigger ne, kuma bayaninsa na tafe.

Na huɗu ya shafi maɓallan da ake riƙewa. Idan babban baƙi yana ƙin fitowa a farkon jimla, ko kuma tsarin Hausar da kake amfani da shi yana buƙatar riƙe AltGr, wato maɓallin Alt na dama, don fitar da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga "kasa" a inda ka nufi "ƙasa", to harafin ne ya riga maɓallin riƙon kamawa. Hannu yana sauke su biyun kusan tare, wanda ya fara isa wurin kamawarsa shi ke yin nasara. Ka sa Shift da AltGr su kama tun daga 1.2 ko 1.4, haruffa kuma a 2.0, matsalar za ta ragu sosai.

Mene ne Rapid Trigger, kuma me ya sa 'yan wasa suka fi damuwa da shi fiye da zurfin kansa?

Zurfin kamawa yana magana ne kan lokacin da dannawa ta fara. Rapid Trigger yana magana kan lokacin da ta ƙare. A suwic na gargajiya, idan ka danna har ƙasa a 4.0, kwamfuta za ta ci gaba da ɗauka kana riƙe da maɓallin har sai ya hau ya wuce kusan 2.0. Wato milimita 2 na ɗagowa kana ganin ka saki, wasan kuwa yana ganin kana tafiya. Da Rapid Trigger a kunne a kan 0.2, da zarar maɓalli ya ɗago daga 4.0 zuwa 3.8 an sake shi. Idan ka sake turawa ƙasa da gwargwadon da ka saita, ya sake kamawa daga nan inda yake, ba sai ya koma sama ba. Tafiyar saki ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma. Kamfanin Wooting na ƙasar Holand ne ya yaɗa wannan dabarar, daga baya sauran kamfanoni suka bi.

A Counter-Strike 2 da Valorant, harsashi ba ya tafiya inda ka auna sai ka tsaya. Ɗan wasan Counter-Strike da ke gudu hagu da A zai saki A, ya ɗan taɓa D don taka wa jikin birki, sannan ya harba. Idan A bai gama sakewa ba lokacin da D ya kama, umarnin biyu suna karo, tsayawar ta yi jinkiri, harbin farko ya kauce. Saurin saki shi ne abin da ke gyara wannan. Masu wasan osu!, da ke buga maɓallai biyu a jere da saurin gaske, su ma saboda haka suka rungumi irin wannan kibod.

To me ya sa yake ɓata rubutu?

Domin yatsan marubuci ba ya sauka a miƙe. Yana dukan ƙasa, maɓallin ya ɗan yi tsalle, ko yatsan ya ɗan ɗago ya sake dannawa yayin da hannu ke shirin zuwa harafi na gaba. Idan ka saita 0.1 ko 0.15, wannan 'yar rawar ta isa kibod ya lissafa saki da sabuwar dannawa. A wasa ba za ka lura ba, domin tsayawar ƙiftawar ido a tafiya ba ta nuna. A rubutu kuwa harafi ne na biyu a kan takarda. Hausa cike take da baƙaƙe masu ninki, "hannu", "tattaunawa", "gaggawa", kuma a wurin ninkin ne yatsa ke ɗagowa rabi ya sake dira, don haka a nan na ukun ke kutsowa.

A tsarin rubutu ka kashe shi. Idan akwai dalilin da ya sa dole ka bar shi, ka ɗaga lambar zuwa 0.8 ko sama.

Za a iya nuna mini saiti guda daga farko har ƙarshe?

A ɗauki mutumin da ke rubuta rahotanni da Hausa da rana, da dare kuma yana buga Counter-Strike 2, kibod ɗinsa na bayar da 0.1 zuwa 4.0. Zai buɗe manhajar kamfanin, Wootility ce ko SteelSeries GG ko Razer Synapse, ya yi tsari biyu daban.

Tsarin farko na rubutu ne. Duk haruffa a 2.0, Rapid Trigger a kashe. Ya rubuta sakin layin gwaji, ya ga "a" na ɓacewa, ya mayar da A zuwa 1.7. Shift da AltGr ya sa su 1.3. Space ya bar shi a 2.2 domin babban yatsa na yawan kwanciya a kansa. Enter ya kai shi 2.5, saboda kada saƙo ya tafi kafin ya gama rubuta shi. Caps Lock, maƙwabcin A da babu mai nemansa sai jefi-jefi, ya tura shi 3.0.

Tsari na biyu na wasa ne, kuma a nan ba duk maɓallan ke samun saiti ɗaya ba. A da D su ne zuciyar aikin: ya sa su kama a 0.8, Rapid Trigger a 0.2. W da S, na tafiya gaba da baya, ya sa su 1.0 da Rapid Trigger a 0.3 ko 0.4, domin W riƙe shi ake yi na dogon lokaci, kuma yatsan da ya gaji yana sassautawa ba da sani ba. Idan lambar ta yi ƙanƙanta, zai ga ɗan wasansa na tsaitsayawa a tsakiyar gudu. Shift na tafiya a hankali da Ctrl na durƙuso ma riƙe su ake yi, kuma sakinsu bisa kuskure na nufin abokan gaba su ji takunsa, don haka ya kashe musu Rapid Trigger ya bar su a 1.5. Space ya sa 1.8, tunda tsallen da ba a yi niyya ba yana lalata auna bindiga. R na sake loda bindiga da G na yar da makami ya kai su 2.5, domin R na kusa da yatsan da ke kan D, kuma fara lodi a gaban abokin gaba asarar zagaye ce.

Daga nan sai gwaji. Ya shiga filin atisaye shi kaɗai, ya ɗora yatsu a kan W, A da D kamar yadda ya saba, bai danna komai ba. Idan ɗan wasan ya motsa, 0.8 ya yi masa sama, ya koma 1.0. Idan shiru, kuma bayan wasanni da dama babu motsin kuskure, zai iya sauka 0.6 ya sake gwadawa. Ƙa'idar ita ce canza lamba guda a lokaci guda, sannan a ba hannu kwanaki ya saba. Wanda ya canza abu biyar a dare ɗaya ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

Duk wasanni haka ake saita su?

A'a. A Dota 2 da League of Legends, danna maɓallin babban hari ba a lokacinsa ba yana nufin jira mai tsawo kafin ya dawo, don haka 1.5 zuwa 2.0 ya fi hankali, kuma Rapid Trigger bai da wani babban aiki. Mai buga wasan ƙwallo da abin riƙo na hannu, ko mai wasa a waya, wannan kibod ba zai ƙara masa komai ba.

Na ji an ce ana korar mutane daga wasa saboda irin wannan kibod. Gaskiya ne?

Ba kibod ɗin aka hana ba, wata dabara ce guda a cikinsa. A watan Yulin 2024 Razer ta fito da Snap Tap, Wooting ma ta kawo irin nata da sunan SOCD. Abin da suke yi shi ne, idan kana riƙe da A ka danna D, kibod da kansa zai saki A a madadinka. Wato na'ura ce ke yin aikin da ɗan wasa ke shafe lokaci yana koyo. A watan Agustan shekarar Valve, kamfanin da ya mallaki Counter-Strike 2, ta sanar da hana wannan a wasan, kuma wanda aka gano yana amfani da shi a sabobinta ana fitar da shi daga wasan. Saita zurfi da Rapid Trigger ba su cikin abin da aka hana, domin har yanzu yatsanka ne ke saki. Kafin ka shiga wasan, ka tabbatar wannan zaɓin a kashe yake a tsarinka. Kowace gasa kuma tana da nata dokokin, ka karanta su.

Polling Rate na 8000 fa, yana da alaƙa da wannan?

Abu ne daban. Yawan rahoton da kibod ke aika wa kwamfuta ne a sakan guda. A 1000, rahoto na tafiya duk milisakan 1. A 8000, duk 0.125. Bambancin bai kai milisakan ɗaya ba, bai kai abin da ake samu daga gyara saki ba, kuma ga rubutu ba shi da wani tasiri.

Maɓalli yana danna kansa, ko ya ƙi saki. Kibod ɗin ya lalace ke nan?

Ba lallai ba. Ka fara ɗaga zurfin wannan maɓallin zuwa 1.0. Idan matsalar ta tsaya, saitin ne ya yi kusa da sama, inda awo ya fi rauni, kuma 'yar girgizar maɓalli ko canjin zafi kan iya tura lambar ta tsallake iyaka. Idan manhajarka na nuna zurfin kowane maɓalli kai tsaye, ka duba ko yana komawa sifili idan ka ɗauke hannu, kuma yana kaiwa ƙarshe idan ka danna har ƙasa. In bai yi ba, ka cire wayar kibod ka mayar ba tare da taɓa wani maɓalli ba, sannan ka bi matakan Calibration, wato sake daidaita awon sensa, idan kamfanin ya tanadar. Ka kuma nisantar da duk wani abu mai ƙarfin maganaɗisu, kamar lasifika, daga jikin kibod.

Ƙurar hunturu ba ta dame sensar maganaɗisu yadda take damun ƙarfen da ke haɗuwa a suwic na gargajiya ba, amma tana iya shiga sandar suwic ta sa ya riƙa makalewa wajen dawowa. Cire hular maɓallin a hure wurin yakan isa. Idan kuwa canza suwic ka yi, ka sani ba kowane suwic mai maganaɗisu ke aiki a kowane kibod ba, domin ƙarfin maganaɗisun da fuskar da yake kallo sun bambanta tsakanin kamfanoni. Ka duba jerin waɗanda mai kibod ɗinka ya amince da su, kuma bayan ka sa sabo ka sake yin Calibration kafin ka taɓa lambobin zurfi.